Lissafin da ke ɓoye cikin tikitin cacar ƙwallo

A ƙarshen watan da ya shige wani ƙanena, ƙaramin ma'aikaci a nan Yamai, ya zo mini da wata ƴar takarda a hannu yana murna. Tikitin cacar ƙwallon ƙafa ne. Ya zaɓi wasanni 5, ya zuba jika ɗaya, watau tamma 1.000 ko dala 200, kuma takardar ta yi masa alkawarin jika 32 idan duka biyar ɗin suka faɗa yadda ya ce. Ya ce mini: "Yaya, duba nan. Kowane wasa ninkinsa 2,00 ne, ke nan rabi da rabi ne, ko in ci ko in faɗi." Na ce masa ya zauna, ya ciro alƙalami, mu yi lissafin tare. Kafin shayi ya huce murnarsa ta ragu, domin ya ga abin da lambobin suke faɗi da kuma abin da suke ɓoyewa.

Kowa ya san addinin Musulunci ya hana caca, kuma wannan shafi ba ya kiran kowa zuwa gare ta. Amma tun da tikitin ya riga ya shiga aljihun ƴaƴanmu da ƙannenmu, har ya shiga cikin wayoyin salula, ya kamata magidanci da ma'aikaci su iya karanta lambobin da ke kansa. Lissafin bai fi ƙarfin wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ba. Rabawa ce, da tarawa, da sake rabawa.

Mene ne ninki?

A gaban sunan kowace ƙungiya mai gidan caca yakan rubuta wata lamba, kamar 1,50 ko 2,00 ko 4,00. Masu caca a ƙasarmu suna ce mata "kot", daga Faransanci. Mu a nan za mu ce mata ninki, domin aikinta ke nan: da ita ake ninka kuɗin da mutum ya zuba idan ya ci. Wanda ya zuba tamma 1.000 a kan ninki 4,00, in ya ci za a ba shi tamma 4.000. A cikin wannan kuɗi akwai jikarsa ta asali, saboda haka ribarsa tamma 3.000 ce.

To, ninki yana da fuska ta biyu, wadda yawancin mutane ba su dubawa. Mu ɗauka mutum yana zuba jika ɗaya kullum a kan ninki 4,00. Sau nawa ya kamata ya ci don kada ya yi riba, kada kuma ya yi asara? Idan ya zuba sau 4, jika 4 sun fita daga aljihunsa. Idan ya ci sau ɗaya a cikin huɗun, jika 4 sun dawo. Ke nan ninki 4,00 daidai yake da a ce abin zai faru sau ɗaya cikin 4, watau kashi 25 cikin 100. Haka ninki 2,00 daidai yake da sau ɗaya cikin 2, watau kashi 50 cikin 100, ninki 10,00 kuwa sau ɗaya cikin 10.

Ga ƙa'idar a taƙaice: a raba 100 da ninki, abin da ya fito shi ne kashin da ninkin yake nufi cikin ɗari. Duk lokacin da ninki ya yi girma, kashin yana ƙanƙancewa. Babban ninki alama ce ta cewa mai gidan caca ba ya tsammanin abin zai faru, shi ya sa ya yarda ya yi babban alkawari.

Misalin jefa kuɗi sama

Kafin mu shiga filin ƙwallo, mu fara da abin da kowa ya san gaskiyarsa. Idan aka jefa tsabar dala ashirin sama, ko ta faɗi a fuska ko ta faɗi a baya, kuma babu ɓangaren da ya fi wani. Kowane yana da kashi 50 cikin 100. Ninkin adalci a nan shi ne 2,00 ga fuska, 2,00 ga baya. Idan mutum biyu suka zuba jika ɗai-ɗai, ɗaya a fuska ɗaya a baya, mai riƙe kuɗi ya karɓi tamma 2.000, ya biya wanda ya ci tamma 2.000, shi kuma ya tashi hannu wofi.

Babu mai buɗe gidan caca domin ya tashi hannu wofi. Saboda haka sai ya rage ninkin kaɗan, ya rubuta 1,90 ga fuska, 1,90 ga baya. Yanzu ya karɓi tamma 2.000, ya biya wanda ya ci tamma 1.900, tamma 100 ta zauna a aljihunsa ko ta wace fuska kuɗin ya faɗi. Mu gwada ƙa'idarmu: 100 a raba da 1,90 ya ba da 52,6. Fuska 52,6, baya 52,6, jimla 105,2 da ɗan ɗoriya. Amma mun san gaskiya ba ta wuce 100 ba, domin kuɗin ba zai faɗi a fuska da baya a lokaci guda ba. Wannan rarar da ta hau kan 100 ita ce alamar rabon mai gida. Kamar la'adar dillali take a kasuwar dabbobi, sai dai shi dillali yakan faɗi la'adarsa a fili, ta gidan caca kuwa an dama ta cikin farashi yadda ba a ganinta sai an yi lissafi.

Wasa guda, mataki uku

Yanzu mu ɗauki wasa guda irin na tikitin ƙanena. Lambobin na misali ne, an zaɓe su don lissafin ya zo da sauƙi, amma irinsu ake gani a allunan caca. Wasan ƙwallo yana da ƙarshe iri uku: masu gida su ci, a yi kunnen doki, ko baƙi su ci. Mai gidan caca ya rubuta haka: masu gida 2,00, kunnen doki 3,20, baƙi 4,00.

Mataki na farko, a juya kowane ninki zuwa kashi cikin ɗari. 100 a raba da 2,00 ya ba da 50. 100 a raba da 3,20 ya ba da 31,25. 100 a raba da 4,00 ya ba da 25.

Mataki na biyu, a tara ukun. 50 da 31,25 da 25 sun yi 106,25. Ɗaya daga cikin abubuwan nan uku tilas ya faru, kuma biyu ba su faruwa tare, don haka jimlar gaskiya 100 ce cif. An sami rarar 6,25.

Don mu ga rarar nan da idonmu, mu shiga bayan tebur mu zauna a kujerar mai gida. A ce jama'a sun zuba tamma 50.000 a kan masu gida, tamma 31.250 a kan kunnen doki, tamma 25.000 a kan baƙi. Abin da ya shiga akwatinsa tamma 106.250 ne. Idan masu gida suka ci, zai biya 50.000 sau 2,00, watau 100.000. Idan aka yi kunnen doki, zai biya 31.250 sau 3,20, watau 100.000. Idan baƙi suka ci, zai biya 25.000 sau 4,00, nan ma 100.000. Ko yaya wasan ya ƙare, tamma 6.250 tasa ce. Ba ya buƙatar ya san wanda zai ci, ba ya ma buƙatar ya kalli wasan. A zahiri kuɗin jama'a ba su cika rabuwa daidai haka ba, kuma yakan yi asara a wasa guda. Amma wasanninsa dubbai ne, kuma a kan dubbai la'adar ba ta kuskurewa.

A lura da wani ɗan bambanci da ke rikita mutane. Rarar 6,25 ce a kan 100, amma abin da ya riƙe tamma 6.250 ne daga cikin 106.250 da ya karɓa. In aka raba, kashi 5,9 cikin 100 ke nan. Watau a kowace jika da aka zuba masa, wajen tamma 59 tasa ce, tamma 941 ce take komawa ga masu caca.

Mataki na uku shi ne cire la'adar. Tun da jimlar ta kumbura daga 100 zuwa 106,25, sai a matse kowane kashi da gwargwado guda har jimlar ta koma 100. Ana yin haka ta raba kowane kashi da 106,25, sa'an nan a ninka da 100. Masu gida: 50 ya koma 47,1. Kunnen doki: 31,25 ya koma 29,4. Baƙi: 25 ya koma 23,5. A tara: 47,1 da 29,4 da 23,5 sun yi 100. Wannan tarawa ta ƙarshe ita ce shaidar cewa ba a yi kuskure ba.

Ga abin da ya fito fili. Ninki 2,00 da ƙanena ya ɗauka rabi da rabi ne, a ganin mai gidan caca kansa kashi 47 ne cikin 100. Da babu la'ada, ninkin da ya dace da masu gida ya kusa 2,13, na kunnen doki 3,40, na baƙi 4,25. Bambanci tsakanin 2,00 da 2,13 kamar ba kome ba ne, to amma mu auna shi da kuɗi. Mutum ya zuba jika ɗaya a kan irin wannan wasa har sau 100, jika 100 sun fita. Abin da ake tsammani ya ci wajen sau 47, kowane ci a ba shi jika 2, jika 94 sun dawo. Jika 6 sun tafi, ba domin rashin sa'a ba, sai domin haka aka yanka farashin tun farko.

Abin da haɗa wasanni yake yi

Sai ƙanena ya ce: "To Yaya, kashi 6 cikin ɗari ai ba yawa." Na ce masa gaskiya ne, in wasa guda ya zaɓa. Amma shi ya haɗa 5 a tikiti guda, abin da suke kira kombine. A irin wannan tikiti ana ninka ninki da ninki: 2 sau 2 sau 2 sau 2 sau 2, ya ba da 32. Daga nan alkawarin jika 32 ya fito. Abin da ba a rubuta ba shi ne la'adar ma ninkuwa take yi.

Mu bi ta a hankali. A wasan farko, kowace tamma 1.000 darajarta ta koma 941. Wannan 941 ita ce take shiga wasa na biyu, a sake yanke mata kashi 5,9, ta koma 886. A na uku 834, a na huɗu 785, a na biyar 739. Ke nan a tikitin wasanni 5 la'adar ta tashi daga kashi 6 zuwa kashi 26 cikin 100. Yiwuwar duka biyar su faɗa daidai kuwa ba sau ɗaya cikin 32 ba ce kamar yadda ninkin ya nuna. Idan aka ninka kashi 47,1 da kansa sau biyar, abin da ya fito kashi 2,3 ne cikin 100, watau sau ɗaya cikin 43. Ladan adalci na wannan tikiti jika 43 ne da ɗoriya, an yi masa alkawarin 32.

Wanda ya haɗa wasanni 10 masu irin wannan ninki zai ga an rubuta masa ninki 1.024, ya ga jikarsa ɗaya za ta haifi fiye da miliyan. Ninkin adalci a nan ya kusa 1.878, la'adar kuwa ta kai kashi 45 cikin 100. Wannan ne dalilin da ya sa gidajen caca suke son dogon tikiti, har sukan ƙara wa mai yinsa wata ƴar kyauta a kan abin da zai ci. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. A gwada kyautar da la'adar da ta riga ta ninku kafin a yi godiya.

Ba a raba la'ada daidai wa daida

Hanyar da muka bi a mataki na uku ita ce mafi sauƙi, kuma ta isa idan ƙungiyoyin biyu sun yi kusa da juna a ƙarfi. Amma tana ɗauka cewa mai gida ya yanki kowane ninki da gwargwado guda, alhali sau da yawa ba haka yake yi ba. Tun a shekarar 1949 wani masani a Amirka mai suna Richard Griffith ya bincika cacar sukuwar dawaki a ƙasarsu, ya ga mutane suna zuba kuɗi fiye da kima a kan dawakin da ba a sa ran su ci, suna kuma ƙyale waɗanda aka fi sa rai a kansu. Bayansa an ga irin wannan hali a cacar wasanni da dama. Mutane suna son babban ninki domin mafarkinsa ya fi daɗi, masu gidajen caca kuma sun san haka, sai su ɗora mafi yawan la'adarsu a can.

Ga misali na wasan da babbar ƙungiya ta karɓi ƙarama: masu gida 1,20, kunnen doki 6,50, baƙi 13,00. In aka juya, za a sami 83,3 da 15,4 da 7,7, jimla 106,4. Ta hanyarmu ta farko, za su koma 78,3 da 14,5 da 7,2. Akwai hanya ta biyu: a raba rarar 6,4 gida uku daidai, a cire wajen 2,1 daga kowane. Sai a sami 81,2 da 13,2 da 5,6. Dukan hanyoyin biyu sun mayar da jimla 100, amma ba su ba da amsa guda ba. Ta farko ta ce ƙaramar ƙungiya za ta ci sau ɗaya cikin 14, ta biyu ta ce sau ɗaya cikin 18.

Idan ta biyu ce ta fi kusa da gaskiya, wanda ya zuba jika a kan 13,00 yana barin wajen tamma 280 a hannun mai gida, wanda ya zuba a kan 1,20 kuwa wajen tamma 26 kawai. Dukansu asara suke yi, amma ta ɗaya ta ninka ta ɗayan sau goma. Masana tattalin arziki sun tsara hanyoyin da suka fi waɗannan zurfi, kamar wadda Hyun Song Shin ya fitar a farkon shekarun 1990, kuma ita ma tana cire kaso mafi nauyi daga manyan ninki. Abin da mai karatu zai riƙe shi ne wannan: in ninki ya yi girma ƙwarai, a ɗauka cewa yiwuwar ta fi abin da hanyar farko ta nuna ƙanƙanta.

Labarin Leicester

Duk wanda aka yi wa wannan bayani yakan kawo hujja guda, ƙanena ma ya kawo ta. A farkon kakar wasa ta 2015 zuwa 2016, gidajen caca na Ingila sun sa wa ƙungiyar Leicester City farashin 5.000 a kan 1 cewa za ta ɗauki kofin babbar gasar ƙasar. Ƙungiya ce da ta sha da ƙyar a kakar da ta gabata, ta kusa faɗawa rukuni na biyu. A watan Mayu na 2016, ƙarƙashin mai horarwa Claudio Ranieri, da ƴan wasa irin su Jamie Vardy da N'Golo Kanté da Riyad Mahrez na ƙasar Aljeriya, ta ɗauki kofin, ta gama da maki 81, ta ba Arsenal ratar maki 10.

A nan akwai abu biyu da za a koya. Na farko game da rubutu ne. Ingilishi sukan rubuta farashi da lamba biyu, kamar 5/1, ma'anarsa ribar 5 a kan kowane 1 da aka zuba, ban da kuɗin asali. Saboda haka 5/1 daidai yake da ninki 6,00 a rubutun da muka saba, kuma kashinsa 16,7 ne, ba 20 ba. Kullum a ƙara ɗaya kafin a raba. Farashin Leicester ke nan ninki 5.001 ne, watau kashi 0,02 cikin 100.

Na biyu, ƙaramin kashi ba sifiri ba ne. Abin da aka ce zai faru sau ɗaya cikin dubu yakan faru wata rana, kuma ranar da ya faru duk duniya za ta ji. Wanda ba a jin labarinsa shi ne tarin mutanen da suka zuba kuɗi shekara da shekaru a kan ƙananan ƙungiyoyi ba su ga kome ba. Mai yiwuwa ne kuma masu gidajen caca sun yi kuskure a wancan farashi, domin babu mai iya bambanta sau ɗaya cikin 1.000 da sau ɗaya cikin 5.000 a kan gasar da ake yi sau ɗaya a shekara. Cin Leicester shi kaɗai ba ya raba wannan gardama. Ana gane ingancin farashi ne idan aka tara wasanni masu yawa da aka ba kashi guda, a ce kashi 47, aka ƙidaya aka ga ko kusan 47 cikin kowane 100 sun faɗa.

Cacar dawaki ta bambanta

Cacar sukuwar dawakin Faransa da ake kira PMU, wadda aka sani a biranenmu, tana da wani tsari dabam da ya samo asali a birnin Paris tun ƙarni na 19, a hannun wani mai suna Joseph Oller. A can ba a yanka ninki tun farko. Ana tara kuɗin kowa wuri guda, a cire rabon hukuma da na masu shiryawa, sa'an nan a raba sauran ga waɗanda suka ci. A misali, an tara tamma 100.000, an cire kashi 25, saura 75.000. Idan tamma 30.000 aka zuba a kan dokin da ya zo na farko, kowace tamma za ta sami 2,50. In aka juya 2,50 za a sami kashi 40, alhali kashi 30 na kuɗin jama'a ne aka zuba a kan dokin. Ƙa'idarmu tana aiki a nan ma: a juya na dukan dawakin, a tara, za a sami 133 da ɗoriya, a raba 40 da shi a ninka da 100, 30 ta dawo. Bambancin shi ne ninkin ba ya tsayawa sai an rufe karɓar kuɗi, don haka abin da aka gani da safe kintace ne kawai.

Inda ake yin kuskure

Kuskure na farko shi ne manta kunnen doki. Wanda ya tara 50 da 25 kaɗai zai sami 75, ya yi zaton ya gano garaɓasa. A gidan caca guda, a wasa guda, jimla ba ta sauka ƙasa da 100. In ta sauka, to an bar wani ƙarshe a baya ko an yi kuskuren rabawa.

Na biyu shi ne tara abubuwan da suka hau kan juna. Akwai zaɓin da ake cewa "masu gida ko kunnen doki", da "baƙi ko kunnen doki", da "masu gida ko baƙi". A nan kowane ƙarshe ya fito sau biyu, saboda haka jimlar gaskiya 200 ce, kuma da ita za a gwada.

Na uku shi ne haɗa ninkin safe da na yamma. Farashi yana motsi idan labari ya zo, kamar a ce mai tsaron gida ya ji rauni, ko kuɗi mai yawa ya kwarara gefe guda. Tilas a ɗauki lambobin uku a lokaci guda, daga allo guda. Farashin da aka rufe da shi gab da fara wasa shi ne yawanci ya fi kusa da gaskiya, domin duk labari ya riga ya shiga cikinsa.

Na huɗu ya fi sauran muni: mutum ya ɗauka cewa da ya cire la'ada ya sami hanyar cin riba. Abin da ya samu shi ne kintacen kasuwa bayan an wanke shi, ba sanin gaibu ba, kuma da tsohon ninkin za a biya shi. Don caca a kan 2,00 ta zama mai riba, sai yiwuwar gaskiya ta wuce kashi 50, alhali masu gidan caca, da ma'aikatansu na lissafi da tarihin dubban wasanni a hannunsu, sun tsaya a 47. Mai zubawa sai ya tambayi kansa: me na sani game da wasan da ake yi a Madrid ko a London wanda su ba su sani ba? Son ƙungiya ba sani ba ne, haka ma cin da ta yi makon jiya, domin wannan kowa ya gan shi kuma yana cikin farashi.

Abin da ya rage a hannun mai karatu

Da muka gama, na tambayi ƙanena sau nawa yake yanka irin wannan tikiti. Ya ce kusan kullum, jika ɗaya. Muka lissafa: jika 30 a wata, jika 360 a shekara. Da la'adar kashi 26, abin da ake tsammani ya bari a gidan caca ya wuce jika 90 a shekara, kuma wannan matsakaici ne. Tun da tikitin yana faɗawa sau ɗaya cikin 43, ba abin mamaki ba ne wata guda cur ya wuce bai ci ko sau ɗaya ba, jika 30 su tafi gaba ɗaya daga albashin da ake jira a gida don hatsi da kuɗin haya. Ya yi shiru, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Da dare wasanni 4 suka faɗa yadda ya zaɓa, na biyar aka tashi kunnen doki. Washegari ya ce mini saura kaɗan ya ci. Na ce masa a lissafi 4 cikin 5 da sifiri cikin 5 ladansu guda ne, kuma irin wannan "saura kaɗan" takan zo wajen sau ɗaya cikin tikiti 8, fiye da cin kansa sau biyar da ɗoriya. Ita ce take mayar da mutum gaban tebur.

Saboda haka, ya mai karatu, duk ranar da ɗanka ko ƙanenka ko abokin aikinka ya nuna maka irin wannan takarda, kafin faɗa ka ba shi alƙalami. Ya raba 100 da kowane ninki na wasan, ya tara, ya duba abin da ya hau kan 100, sa'an nan ya raba kowane kashi da jimlar. In tikitin na wasanni da yawa ne, ya yanke la'adar sau adadin wasannin. Abin da hannunsa ya rubuta zai fi shiga kunnensa bisa abin da bakinka ya faɗa.